Gidan Gwaggo Mai Keke

Gwaggo Mai Keke ta yi ɗinki har idonta ya daina ganin kafar allura. Mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, sai gida mai ɗakuna uku da ita kaɗai a ciki. Tana da hali ɗaya da dangi suka sani: ba ta barin kaya su yi wata guda a wuri ɗaya. Ka bar kujera a gabas, ka dawo ka same ta a yamma. Ita ta ce gyara ne, dangi suka ce rashin abin yi.

Wata ranar Asabar 'yar ƙanenta, Auta, wadda ke makarantar koyon aikin jinya, ta yi sallama. Rabonta da gidan tun tana firamare. Bayan gaisuwa ta ce aron gida ta zo. Akwai jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ana so ta kawo su a jere, ita kuwa da ta kai ta biyar sai su cakuɗe mata. Malaminsu ya ce mutum ya sami gidan da ya sani, ya bi hanya ɗaya daga ƙofa zuwa ciki, ya ajiye kowace jijiya a zuci a kan wani abu tsayayye, da hoton da ba zai mantu ba. Ɗakinta na makaranta ta riga ta cika shi da matakan daskarewar jini, in ta ƙara wani abu a kai sai su haɗe.

Gwaggo ba ta gane duka ba. Abin da ta gane shi ne yarinyar za ta riƙa zuwa.

Suka fara daga bakin ƙofa. A kan takalman da ke wurin Auta ta ɗora ƙaton hanci yana shinshina, jijiyar jin ƙamshi ke nan. Madubin falo ya samu ido ɗaya ƙato, jijiyar gani. Ta biyar, mai rassa uku, ta hau fanka mai fukafukai uku tana tauna. Rediyo ya ɗauki ta takwas, jijiyar ji da daidaita tsayuwa, yana tangaɗi kamar zai faɗo. Keken ɗinkin da ke ƙuryar ɗaki shi ne ƙarshe, da dogon harshe yana lilo a ƙarƙashin allura. Gwaggo ta ce wannan harshen ta san na wace ce a dangi, suka yi ta dariya.

Auta ta roƙe ta kada ta taɓa komai sai hanyar ta zauna mata. Gwaggo ta riƙe maganar nan da hannu bibbiyu. Ta share ƙarƙashin kujera ta mayar da ita kan sawunta. Maƙwabciya ta zo aron rediyo, ta hana ta. Hannunta yana ƙaiƙayi, amma ta daure, domin duk Asabar Auta na zuwa, ta tsaya a ƙofa, ta bi hanyar tana motsa baki, ta sake biyowa daga keke zuwa takalma, sannan su zauna su ci abinci. Gwaggo tana jin daɗin wannan zuwan fiye da yadda take nunawa.

Auta ta ci jarrabawa. Ta kira ta faɗa, Gwaggo ta sa mata albarka. Daga nan Asabar ta riƙa zuwa ba Auta. An tura ta asibiti koyon aiki, ga nisa, ga gajiya. Gwaggo ba ta yi ƙorafi ba, kuma ba ta motsa ko tsinke ba. A ganinta muddin kayan na nan yadda aka bar su, yarinyar za ta buƙaci dawowa ta duba.

Da abin ya yi tsawo, sai ta kira da kanta. Ta ce fanka ta lalace, mai gyara yana so ya cire ta, shi ya sa ta ce bari ta tambaya tukuna.

Auta ta yi dariya. Ta ce a cire mana, ai tuni gidan ya koma cikin kanta, ko rushe shi aka yi hanyarta na nan.

"Kullum sai na shiga gidanki, Gwaggo. Ko ɗazu da likita ya yi min tambaya sai da na je har wurin rediyo."

Gwaggo ta tambaye ta.

"To, in kin shigo, a ina kike samuna?"

"Ai ba a sa mutum a hanya, Gwaggo. Mutum yana motsi, sai ya ɓata lissafi."

Auta ta faɗi haka ne da zuciya ɗaya, kamar yadda aka koya mata. Gwaggo ta ce haka ne, Allah ya yi albarka, ta gaida mutanen asibiti.

Ta ajiye wayar, ta leƙa waje ta ce wa mai gyara ya shigo da tsaninsa.