Ranar da Baba ya danna RAM

Shekarar da ciwon gwiwa ya raba Baba da kwalekwalensa, ita ce shekarar da na harhaɗa kwamfutata ta farko a shagona na buga takardu a Yelwa. Kullum yana zuwa ya zauna kan benci, yana cewa shi kam ya zama tsohon kaya. Maganar tana ƙona mini rai.

Da kayan suka iso daga Kaduna, na miƙa masa RAM, 'yar siririyar ma'adanar nan da kwamfuta ba ta tashi sai da ita, na nuna masa raminta a jikin babban allon da ake jona kayan cikin kwamfuta. Ni da shegen baki, sai da na ja masa kunne har sau uku cewa kayan nan ba sa son ƙarfi. Mutumin da ya shekara arba'in yana jan taru a tafkin Kainji ya ɗauke ta kamar ƙwan tsaka, ya saka ta a ramin a hankali.

Na gama haɗa sauran, na kunna. Fankoki suka juya, fitilu suka kama, amma fuskar monita baƙa ƙirin.

Na duba ko na soka wayar monita a jikin allon maimakon katin da ke fitar da hoto. Tana daidai. Na canza waya, shiru. Na jona monitar da laftof ɗin maƙwabcina, ta kawo tas. Sai na hango wata 'yar jar fitila a gefen allon, wadda ke nuna matsalar RAM ce. Na leƙa. Maƙallin gefe ɗaya bai rufe ba, RAM ɗin ta zauna a karkace.

"Mi ya hwaru?" in ji Baba. "Wurin da na taɓa ne ko?"

Na so in yi ƙarya, in tura shi sayen ruwa in gyara a ɓoye. Amma ya riga ya karanta fuskata, ya ɓoye hannayensa cikin riga. Tausayinsa ya kama ni, na ji haushin kaina.

Na kashe, na zare wayar wuta, na fitar da RAM ɗin na mayar masa.

"Laifina ne, Baba, ni na tsorata ka. Ƙarfi take so. Saita tsagar nan, ka danna duka gefe biyu har ka ji ƙas."

"In ta karye hwa?"

"Ba ta karyewa."

Ya ɗora manyan yatsunsa masu kanta, ya yi bisimilla, ya danna. Ƙas, ƙas.

Na kunna. Jar fitilar ta ɗan jima, ta mutu, rubutu ya fito a monita. Baba ya daɗe yana kallo, ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba. Sannan ya gyara zama, ya naɗe hannun riga.

"To, ɗiyata," ya ce, "akwai sauran abin da ke son dannawa?"