Magagi Bai Yarda An Kore Shi Ba

Magagi ya kai shekara hamsin bai taɓa yi wa kowa aikin wata ba. Gero yake nomawa a bayan Filingue, kamar ubansa. Da damina biyu suka ci amanarsa a jere, sai ya karɓi aikin tsaron magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a wani kantin taki da iri. Mai kantin, Saminu, yaro ne da Magagi ya san ranar sunansa. Ya ba shi takarda ya sa hannu, ya ce gwaji ne na wata ɗaya.

Watan ya wuce, ba wanda ya sake ta da maganar. Magagi ya shekara uku yana buɗe ƙofa da safe, yana ƙirga buhuna, warin taki ya kama masa riga har Indo matarsa ta daina mita. Amma duk ranar da ya nemi hutu, sai Saminu ya yi dariya ya ce, "Baba, hal yanzu gwaji kake hwa." Shi kuwa Magagi ya ɗauka haka abin yake. A cikin shekarun nan ya aurar da 'yarsa Nafisa ga Ango, direban motar kantin.

Wata ranar kasuwa Saminu ya kira shi can ƙuryar magaza, su biyu kaɗai.

"Gwajin bai yi ba, Baba. Gobe kak ka zo."

"Mi na yi?"

"Ba ka yi komi ba. Wani za ni sawa."

Bai ba shi takarda ba, bai ba shi ko mako guda ya nemi wani aikin ba. Magagi ya fito, ya tarar da Ango da masu dako a bakin ƙofa suna kallonsa. A ce sa'an ɗan cikinsa ya kore shi a gaban surukinsa? Sai ya ɗaga makullai sama, ya ajiye su kan buhu, ya ce da ƙarfi, "Ni na aje aikin ga! Na gaji, gona ta ishe ni." Haka ya riƙa faɗa a masallaci da rumfar mai shayi, har shi kansa ya kusa yarda.

Indo ce ba ta yarda ba, don ita ke auna abin da ya rage a rumbu. Ita ta matsa masa har ya shiga mota zuwa Yamai, daga can Tilaberi, ofishin da ke duba rigimar ma'aikata da iyayen gidansu. Ma'aikaciyar da ya samu, Madam Latifa, ta karanta tsohuwar takardar ta girgiza kai.

"Baba, gwajinka ya ƙare tun watan fari. Tunda ba a sabunta shi a rubuce ba kuma ka ci gaba da aiki, kai cikakken ma'aikaci ne. Cikin gwaji ne kowa ke iya rabuwa da kowa ba shiri. Bayan shi, sai da dalili na gaskiya, a rubuta maka shi, a ba ka wa'adin wata guda ko a biya ka madadinsa. In haka ya yi maka, korar zalunci ce, kana da diyya. Amma in kai ka aje da kanka, duk wannan babu."

Ta sa ranar sulhu. Magagi ya koma gida, ya sake biyo doguwar hanyar nan, ƙugunsa kamar an daka. Saminu ya iso cikin motar kanti, kuma Ango da ya tuƙo shi ya shigo ya tsaya bayan kujerarsa, kansa a ƙasa.

"Ni ban kore shi ba, Madam," in ji Saminu. "Gaban jama'a ya jefa makullai. Ga surukinai nan, a tambaye shi abin da ya ji."

Madam Latifa ta ce ko an ce an aje, in korar ce ta riga, kora ce. In sulhu ya gagara, za ta rubuta a tafi kotu, a kira shaidu. Ta juyo ga Magagi.

"Baba, faɗa min da bakinka. Korarka aka yi, ko kai ka aje?"

Magagi ya dubi Ango. A kotu yaron nan za a fara kira. In ya tsaya wa surukinsa, motar ta bar hannunsa, ga Nafisa da goyo. In ya tsaya wa ubangidansa, ba zai ƙara iya shiga zauren Magagi ba. Gajiya ta sauko wa tsohon, irin wadda bai taɓa ji ba ko a gona.

"Ni na aje," ya ce.

Madam Latifa ta daɗe tana riƙe da biro kafin ta rubuta. A waje Ango ya buɗe ƙofar mota, ya durƙusa ya ce, "Baba, shiga in kai ka gida." Magagi ya ce yana da sayayya a kasuwa. Ya kama hanyar tasha a ƙafa.