Ƙahon Baba a hannun masu dubawa

Babanmu wanzami ne, kamar ubansa wanda ya zo Jos zamanin haƙar kuza da zabirarsa a kafaɗa. Mu shida ya haifa, kuma babu ko ɗaya da ya ɗauki aska. Ni malamin firamare na zama. Bai taɓa yi mini gori ba, amma ranar da na ji yana gaya wa wani baƙo cewa in ya mutu ƙahonninsa sai dai a rataye su a bango, abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce zan ɗauki aikinsa a waya in sa a intanet, ko ba komai a san an yi wani mutum a Gada Biyu da ya iya abin nan.

Wanda ya ba da bayansa aka ɗauka maƙwabcinmu ne, wani tsohon kafinta Inyamuri da muke ce wa Papa. Tun ina yaro duk lokacin da ƙugu ya riƙe shi wurin Baba yake zuwa. Na tambaye shi ko ya yarda duniya ta ga bayansa, ya ce, "Ɗauka mana. Bayan nan ya gama kunya tun da daɗewa." Ya zauna a kan benci, Baba ya kori yaran layi kamar yadda ya saba, ya ɓare sabuwar reza a gaban waya don kowa ya gani, ya kafa ƙaho, ya cire, ya yi tsaga, ya mayar. Minti shida ne duka.

Na ɗora bidiyon a wata manhaja da yamma. Maimakon ya fita, sai wani ɗan rubutu ya bayyana a ƙarƙashinsa cewa ana dubawa. Ni kaɗai nake iya ganinsa. Na ce wa Baba gobe zai fito.

Gobe ta zo bai fito ba. Ni kuma ga gajen haƙuri, sai na sake ɗora shi, jibi ma na ƙara. Na wayi gari da bidiyo uku iri ɗaya, kowanne ana dubawa.

"Su wa ke dubawar?" Baba ya tambaye ni.

Na ce masa na'ura ce ke fara tantancewa, in ta ga abin da ta yi shakka sai ta ajiye wa ma'aikatan kamfanin su kalla da idonsu.

"To me ta gani a aikina da ta yi shakka?"

Na san amsar, jini ne, amma na ce ban sani ba. Daga ranar kullum in muka dawo daga sallar asuba sai ya ce, "Sun gama?" Da aka yi mako ya daina tambaya, wannan kuwa ya fi damuna. Na lura har wani direba ya zo neman ƙaho, Baba ya ce masa ya dawo wani lokaci. Mutumin da bai taɓa mayar da kowa ba. A ransa an kai aikinsa gaban mutanen da suka yi karatu, sun kalla sun ga ƙazanta, suna dai jin nauyin faɗa ne.

Rana ta tara na shiga sashen taimako na manhajar na rubuta musu wasiƙa da Turancin malaman makaranta. Na gaishe su, na yabi kamfaninsu, na ce bidiyo ne na al'adun gargajiya mai ilimantarwa. Ban ambaci ƙaho ba, balle jini. In faɗi gaskiya, kunya nake ji. Nan take amsa ta shigo, har na miƙe tsaye, ashe irin wadda na'ura ke aika wa kowa ce: mun karɓi saƙonka, ga lambar ƙorafinka.

'Yar Papa ce ta cece ni. Tana sayar da atamfa ta intanet, ta san kan waɗannan abubuwa. Ta karanta wasiƙata a bakin shagonta, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, wannan ai takardar neman aiki ce. Wane bidiyo kake magana? Ka saka uku. Goge biyu, kar su ɗauka kai mai damun mutane ne. Ka ba su adireshin bidiyon, da ranar da ka saka, da hoton allon da ya nuna ana dubawa. Kuma kar ka buɗe sabon ƙorafi, ka amsa a kan lambar da suka ba ka. Sannan ka faɗa musu abin da ke ciki. Ai za su gani."

Na goge biyun a gabanta. Na dawo gida na tarar da Baba a zaure yana goge ƙahonni da tsumma, sai na zauna na gaya masa gaskiya, cewa jinin ne ya sa aka riƙe, kuma a wasiƙar farko na ɓoye. Ya ɗago ya kalle ni.

"Kai ma kunyar aikin kake ji ke nan."

Ya ajiye tsumman, ya nuna aljihuna.

"Ɗauko wayar. Rubuta yadda zan faɗa."

Yana faɗa da Hausa ina juyawa. Ga abin da muka aika, bayan adireshin bidiyon da ranar ɗorawa da hoton allon: "Yau kwana goma sha ɗaya bidiyon nan yana jiran dubawa. A cikinsa akwai jini kaɗan, daga minti na uku zuwa na biyar. Ba faɗa ba ne, ba rauni ba ne. Ƙaho ne, sana'ar wanzamai. Mai yin aikin mahaifina ne, wanda ake yi wa kuma babban mutum ne, da yardarsa aka ɗauka. Ba mu ce yana maganin wata cuta ba, yadda ake yi kawai muka nuna. In ya saɓa wa dokarku ku gaya mana wace ce. In bai saɓa ba, muna roƙo ku sake shi." Na so in ƙara gaisuwa a ƙarshe, Baba ya ce ya isa, mutane na da aiki.

Ko wasiƙar ce ta motsa su, ko dama layi ne ya zo kanmu, har yau ban sani ba. Bayan kwana uku dai ina cikin aji amsa ta shigo, wannan karon da alamar mutum ne ya rubuta. Sun duba, bidiyon bai karya doka ba, sun sake shi. Sai dai saboda jinin sun sa masa iyakar shekaru: wanda bai kai sha takwas ba ba zai gani ba, babba ma sai ya wuce gargaɗi kafin ya buɗe, don haka ba zai yaɗu sosai ba.

Raina ya ɗan ɓaci. A keke napep har Gada Biyu ina ta shirya yadda zan gaya masa ba tare da ya ji an rage masa daraja ba. Na same shi da Papa a kan benci suna shan rake. Na karanta musu, na yi sauri a wurin iyakar shekarun.

"Maimaita nan," in ji Baba.

Na maimaita. Ya ajiye raken.

"Wato sun kori yara."

"Haka ne, Baba."

"Manya kuma sai an gaya musu abin da za su gani kafin su shiga."

"E."

Ya juya wurin Papa, fuskarsa ta sake irin yadda ban gani ba tun mako biyu. "Ka ji ko? Shekara nawa ina korar yara daga zauren nan ana cewa na cika tsanani. Ashe can ma akwai wanda ya san aikin."

Papa ya ce shi dai a nuna masa bayansa. Muka kalla mu uku, kai a haɗe, Papa yana ƙorafin ban ɗauko fuskarsa da kyau ba. Ni daɗi ya cika ni, har na rasa inda zan sa idona.

Da bidiyon ya ƙare Baba ya ce in nemo masa direban nan, in ce ya zo gobe da safe. Sannan ya tura mini zabirar da ƙafa.

"Daga yau in ka taso daga makaranta ka riƙa wanke ƙahonnin nan. Ka dai san yadda ake yi yanzu, ka kalla ya fi sau ashirin."

Na ɗauka na kai bakin famfo.