Wurare Talatin da Ɗaya da Ta Shafa wa Rawaya

A gida Sakatariya ake ce mata, ko da yake a ofishin da ta yi shekara goma sha bakwai tana aiki, mai buga takardu ce kawai. Teburinta na bayan ƙofa, inda duk wanda ya shigo sai ya bugi kujerarta kafin ya ce sannu. Ita kaɗai ce a ginin ta iya buga Larabci da wasali, don haka ko daga wasu ofisoshin a kan aiko mata da aiki. A wurin mahaifinta ta koyi karatun. Baba ya shekara arba'in yana koyar da nahawu a ɗakinsa na bakin titi, ita kuma tun tana yarinya take zama a gefe tana riga manyan ɗalibai ba da amsa. Bai taɓa yaba mata ba, iyakarsa ya ce, "To, na gaba."

Ɗaliban da suka rage masa yanzu biyar ne, duk masu furfura, cikinsu akwai tela da tsohon direba. Baba yakan rubuta darasin kowane mako a littafi mai baƙin bango kafin ya karantar.

Wata Asabar Yaya, babban wansu mai sayar da tayil, ya turo mata hotuna sittin da biyu a waya, ya biyo da kira.

"Sakatariya, littafin Baba ne na bana. Ki buga mana shi tsaf, da wasalinsa, kada ya lalace. Ki sa ɗan jerin darussa a gaba, shafi ɗaya, yadda mutum zai gane abin da ke ciki."

"Baba ya sani?"

"So nake mu ba shi mamaki."

Ta yi murna har ta manta ta ci abincin rana. Kullum bayan an tashi aiki sai ta ƙara awa guda. Hotunan ba su da kyau. Wani inuwar hannun Yaya ta rufe rabinsa, wani kuma shafin ya lanƙwashe wajen ɗinki, ƙarshen layi ya shige ciki. A wasu wuraren tawadar bayan shafi ta ɓullo, har mutum ya kasa rabe ɗigon harafi da tabo. Takan buɗe hoto a rabin allon kwamfuta, ta ƙara masa girma, ta buga harafi, ta ɗora masa wasalinsa, sannan ta wuce na gaba. Shafi ɗaya yakan ci mata rabin awa.

A shafi na ashirin ta tsaya. Baba yana bayani kan mai aikawa, wato mursil, amma ya sa fataha a saman harafin maimakon kisira a ƙasansa, kalmar ta koma mursal, wanda aka aika. Ta ɗauka laifin hoto ne. Ta ƙara girma har harafin ya cika allon, wasalin na nan a sama, da hannun Baba. Ba ta gyara ba, don a wurinsa ta ji cewa mai kwafe ba ya taɓa rubutun malami sai ya tambaya. Ta buga yadda ta gani, ta shafa wa kalmar rawaya. Kafin ta kai ƙarshen littafin, wuraren rawaya sun kai talatin da ɗaya, kuma yawancinsu a shafukan baya-bayan nan suke.

Jerin darussan ne ya fi tayar mata da hankali. Da ta jera kanun a shafi ɗaya, sai ta ga darasi na bakwai da na tara da na sha ɗaya duk abu guda ne, har misalan. Baba ya rubuta shi sau uku cikin wata biyu, ya karantar da shi sau uku, ba ɗalibin da ya ce masa uffan.

Yaya ya dame ta da kira, sai ta tura masa aikin, ta rubuta a ƙasa: "Don Allah kada ka fitar a takarda. Zan zauna da Baba mu biyu tukuna."

Ranar darasi ta je gida da niyyar ta jira ɗalibai su watse. Ta tarar da Yaya a tsakiyar ɗakin, wani kawunsu na zaune a gefe tare da ɗaliban, an raba wa kowa kwafi mai launi, rawayar tana ta ɗaukar ido.

"Baba, ba ni na faɗa ba," in ji Yaya. "Ga aikin 'yarka, wadda ka koyar da kanka. Kuskure talatin da ɗaya. Duba shafin farko. Bakwai, tara, sha ɗaya. Tela, ba sau uku aka yi muku wannan ba?"

Tela ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. "Maimaici ai yana da amfani," ya ce a hankali.

"Kun ji ko? Kunya suke ji, Baba. Zuwa suke suna zama don tausayi."

Baba ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallon shafi na ashirin, yatsansa a kan kalmar. Ya jawo littafinsa mai baƙin bango, ya buɗe, ya gwada su, sannan ya rufe. Bai dubi Yaya ba, ita ya duba a bakin ƙofa.

"Ke kika ƙirga?"

"Baba, tambayarka zan yi. Ban gyara ba ne saboda..."

"Na ce ke kika ƙirga?"

"Ni ce."

"Aikinki ya yi kyau," ya ce. "Babu kuskure ko ɗaya a naki."

Ya sallami ɗaliban, ya ce kada su dawo mako mai zuwa. A tsakar gida ta tare Yaya, ta ce ai ta roƙe shi. Ya ce da ya faɗa da bakinsa wa zai yarda? Shekara biyu yana cewa Baba ya huta, ana ce masa mara kunya. Sai ya dafa kafaɗarta ya ce ta taimaki gidan nan ƙwarai.

Kafin wata ya ƙare an kwashe littattafan zuwa ɗakin baya, an jera kwalayen tayil a ɗakin bakin titi har rufi. Tela ya same ta a ofis, ya roƙi ta gyara wurare talatin da ɗayan, ta cire launin, ta ba su su riƙa bita a shagonsa. Ta yi masa cikin kwana biyu, darasin da aka maimaita ta bar shi sau ɗaya.

Tana zuwa gida duk Asabar. A shekarar farko Baba yakan sa a ce mata yana barci, tana jin tarinsa daga ciki. A ta biyu mantuwar ta yi ƙarfi, ya daina gane mutane, sai aka bar ta ta shiga. Takan yanke masa farce, ta gyara masa matashi, shi kuma ya yi mata godiya irin ta baƙo. Ran nan ta miƙa hannu za ta share ƙura a kan littattafan, ya riƙe mata hannu da ƙarfin da ba ta zaci ya rage masa ba.

"Baiwar Allah, kada ki taɓa," ya ce. "Ina da wata 'ya mai buga takardu. Idan ta zo, ki ce mata ba na nan."

Ta ce to, za ta faɗa mata, ta ɗauki kwanon da ya gama cin abinci ta fita da shi.