Haruffan da Suka Kori Garken Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, makiyayi ne a bayan Gwangwan, kuma mutum ne da ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa cikin kwanon. A garkensa akwai karsana guda da ake kira tawa, jikar saniyar da ya ba ni ranar sunana. Ni kuwa koyarwa nake yi a Karaye, rabona da riƙe sandar kiwo tun ina ɗan firamare.

Shekarar da nake ba da labari, wata ƙungiya ta zo daga Kano da allurar rigakafin ciwon huhu na shanu, aka neme ni in tsara shelar da za a karanta ta lasifika a kasuwannin Rogo. Ban yi gardama ba, don an ce cutar ta ɓulla a garkunan da ba su da nisa da mu, ni kuma Kawu ne a raina.

Takardar da aka kawo mini da Hausa take, amma kai ka ce kaji ne suka bi ta kanta. Ga CBPP, ga LGA, ga sunan ƙungiyar a taƙaice da manyan baƙaƙe, ga "Alh." da "Mal." barkatai. Wannan rubutun ido ne. Mai karatu da ido yana iya tsayawa ya koma baya, amma mai saye da sayarwa a kasuwa sau ɗaya magana za ta wuce ta kunnensa. Sai na zauna na warware. Duk inda aka sa LGA na rubuta ƙaramar hukuma, Alhaji da Malam na cika musu sunansu. Cutar na kira ta ciwon huhu, yadda kowane makiyayi ya san ta, sannan sau ɗaya tak na ƙara: "wanda likitoci ke kira Si-Bi-Pi-Pi." Na rubuta haruffan yadda ake furta su, da ɗan layi tsakaninsu, don mai karatu ya san ɗaya bayan ɗaya zai faɗe su, makiyayi kuma in ya ji su a bakin malamin dabbobi kada su zama masa baƙi. Sunan ƙungiyar a dunƙule ake kiransa kamar sunan mutum, shi ma na rubuta shi haka, bayan na fara faɗin ko su wane ne da Hausa.

Mai shelarmu dattijo ne da duk yankin suka san muryarsa. A ajin yaƙi da jahilci ya koyi boko, kuma in ka ba shi rubutu mai tsabta ba ya tuntuɓe. Muka zauna a gindin darbejiya ya karanta da ƙarfi ina saurare, inda numfashinsa ya gaza na raba jimlar.

"Yauwa, Malam," in ji shi. "Wannan ta zauna a baki."

Jami'in ƙungiyar ne bai ji daɗi ba. Ya riƙe takardar da yatsu biyu yana dubana ta saman tabarau.

"Malam, wa ya ce ka taɓa? Sunanmu sau biyar yake a ciki, ka mayar da shi ɗaya. Ko akwai wanda ya sa ka?"

Wanda ya sa ni! Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce, "Yallaɓai, shanu ake so a kawo. Wanda bai gane ba, ba zai kawo ba." Ya ce zai duba. Wannan "zan duba" tun a lokacin ban yarda da ita ba.

Ranar kasuwar Rogo ina aji, ban je ba. Washegari ɗan acaɓan da ke kai ni makaranta ya ce mini Fulanin bayan Gwangwan sun fara kaɗa shanu suna nausawa daji, har da Kawu. Raina ya ɓaci, kuma mai shela na fara zargi. Na ce ko an saye shi ne, ko kuwa tsufa ya fara taɓa shi. Ana tashi na hau babur na same shi a ƙofar gida.

"Baba, me ka faɗa wa mutane jiya?"

Ya zaro takarda daga aljihu ya miƙo mini. Ta asali ce, mai tafiyar kaji. Sai da ya shiga mota, lasifika a kunne, jami'in ya karɓe tawa ya ba shi wannan.

"Na zo kan baƙaƙen nan ban san ko haɗa su ake yi ko rarrabawa ba," in ji shi. "Sai na sassauta murya na wuce su da sauri. Wallahi kunya na ji, Malam."

Nan fa gizo ke saƙar. Mutumin da shekara da shekaru yake faɗin haihuwa da rasuwa da ɓatan akuya garau, yau ya zo kan sunan abin da za a tsira wa shanunka ya yi ƙasa da murya. Ko ni ne makiyayi sai na ce akwai lauje cikin naɗi.

Na samu Kawu da la'asar a wani fako, ana ɗaure maruƙa. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata da yara da makaranta, duk ba tare da ya dube ni sosai ba. Na ce, "Kawu, allurar ciwon huhu ce fa. Ba wani abu ba ne."

"Ciwon huhu," ya maimaita. "To me ya hana a faɗa haka a kasuwa? Wa bai san ciwon huhu ba?"

Na ba shi labarin takardu biyun. Ashe ƙara dagula ruwan na yi.

"Wato biyu ne. Ɗaya tasu, ɗaya wadda kai ka gyara don ta yi mana daɗin ji. Ɗan nan, abin da aka naɗe sunansa a cikin baƙaƙe, ƙirga shanu ne. Yau allura, gobe jangali."

Na rantse, na yi fushi, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya nuna karsanata da sanda.

"Ga taka nan. Tunda ka yarda da su, kai ta."

Ni na ja ta da igiya har wurin allurar, malamin makaranta da takalmi sau-ciki, yara suna dariya. Aka yi mata, na mayar da ita garke. A kasuwa ta gaba jami'in ya ga filin allurar ba kowa, ya mayar wa mai shela takardata, kuma waɗanda suka rage kusa sun kawo nasu. Kawu kam ya riga ya yi nisa.

Cutar ta shiga garkensa bayan kaka. Ba na son tuna tarin da na ji shanun nan suna yi ranar da na je jaje. Waɗanda suka faɗi sun fi waɗanda suka tashi, karsanata kuwa tana tsaye a gefe tana tuƙa. Na yi zaton zai ce da ma ya ji maganata, har na shirya abin da zan faɗa don in sauƙaƙa masa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juyo gare ni.

"Taka ko tari ba ta yi ba," in ji shi. "Ashe kun san abin da ke tafe."

Har Allah ya karɓi ransa bai sake barin ta kwana cikin garkensa ba.