Na-Gane da Firijin Mama

Babanmu direba ne, shekara da shekaru yana jigilar kaya da tsohuwar a-kori-kurarsa, kuma a tasha ba wanda ya san shi da wani suna sai Na-Gane. Ya iya karatu tsaf. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya ƙarasa jimla. Da ya karanta rabin layi sai ya ce "Na gane," ya ninke takarda. Duk inda aka rubuta "idan" ko "sai dai", shi a ganinsa surutun masu kamfani ne.

Haka ya jiƙa rigar sanyina ta ulu a ruwan bilic, don jikin robar ya ce yana cire tabo. Layin ƙasa ya ce banda ulu da siliki. Tabon dai ya fita, tare da hannun rigar. Har yau ban huce ba.

Sai ga maganar firij. Mama ta daɗe tana tari don ta sayi babba ta riƙa sayar da ƙanƙara, kuma ba ta da abin sayen wani in wannan ya lalace. Ranar ɗauko shi mai shago ya ce a tsaye ake ɗaukarsa, a ɗaure da igiya. Baba ya ce ya gane. Ya manta igiya a gida, don haka yana shan kwana ya kwantar da firijin ya taho abinsa. A bakin layinmu ya sa aka tayar masa da shi, ya shigo yana fito. Ni ina dawowa daga aike na gani, na ja bakina.

"Malam, a tsaye ka kawo shi ko?" in ji Mama.

"Ƙyam, kamar soja."

Ya ɗauki takardar bayani yana karantawa da ƙarfi, yadda ya saba. "Idan a tsaye aka kawo shi, ana iya jona shi da zarar an daidaita masa zama. Na ga..." Tsautsayi ya kai idonsa layi na biyu, karo na farko a rayuwarsa. Can aka ce idan a kwance ya zo, ya yini ya kwana a tsaye kafin a kunna, saboda man injin yakan gangara cikin bututu, in aka kunna bai koma ba injin na iya lalacewa.

Mama ta riga ta riƙo filogi. In ya yi shiru firijinta ya tafi, in ya yi magana ƙaryarsa ta fito. Wallahi sai da ya ba ni tausayi, amma kaɗan.

"Tsaya in sha ruwa tukuna," ya ce, ya sulale bayan ɗaki inda akwatin mita yake. Ɗif, fanka ta tsaya.

"Kash, sun ɗauke wuta!" ya dawo yana tafa hannu.

Rana ta take, ɗaki ya zama tanda. Ta katanga muna jin talabijin ɗin maƙwabta yana ta kwaroroto. Baba ya ce ai layinsu daban. Mama ta ɗauki takardar ta zauna bakin ƙofa tana fifita da ita, lokaci-lokaci tana leƙa rubutun cikinta. Shi kuwa ya kafa kujera a hanyar mita yana gadi, gumi na bin gemunsa, har abokan hirarsa suka aiko ya ce ba ya jin daɗi.

Sai da yamma ta yi liƙis, rigarsa ta jiƙe sharkaf, Mama ta ce, "Malam, daga shago zuwa nan tafiyar nawa ce?"

"Ko awa ba a yi. Me ya faru?"

"Ba komai. Tsatsar motarka na gani a gefen kwalin firijin, tun daga sama har ƙasa." Ta miƙa masa takardar. "Juya shafi."

Ya juya, ya karanta a hankali kamar ɗan aji ɗaya. "Sai dai idan kwanciyar ba ta wuce 'yan awoyi ba, to ya tsaya gwargwadon lokacin da ya yi a kwance."

Wato tun kafin azahar firijin ya gama hutunsa. Na fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Kin sani tun ɗazu kika bar ni ina dahuwa?"

"Yau ka kai layi biyu saboda ni, kuma na ji daɗi har raina," in ji Mama. "Na ce bari in ga ko za ka kai na uku."

Ya buɗe baki, muka zuba ido muna jiran kalmar nan tasa. Sai ya sake duban takardar, ya ɗaga ta sama, ya leƙa bayanta.

"Akwai saura?" ya tambaya.

"Babu. Je ka dawo mana da wutarmu."