Buhunan da Suka Koma Roni

Lokacin da nake dillancin taki a Kazaure, wata ƙungiyar manoma ta turo mini daga kwamfuta jerin mambobinta da za mu kai wa taki, bayan mako ta sake turo wani. Ƙanena ya gwada su layi-layi, ya ɗago a firgice.

"Yaya, komai ya canza!"

Na ce, "Sabon suna aka cusa a sama, ya tura sauran ƙasa. Bi lambar katin kowa."

Lambar da ke sabon jeri kaɗai ƙari ce, wadda ke tsohon kaɗai an cire ta. Sauran muka gwada bayanansu, sai ga wani dattijo ya ƙaura daga Gwiwa zuwa Roni. Motar da za ta kai taki Gwiwa na shirin tashi na sa aka sauke buhunansa, aka ɗora su a motar Roni. Takinsa ya same shi a sabuwar gonarsa.